Daɓe a kan kankare kafin tayil da tayil ɗin roba: rabin inci ko inci biyu?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Shawarar masana nake nema. Gida ne filat a Kano, an zuba kankaren ƙasa wata takwas ke nan, an yi rufi, an gama filasta, an kafa ƙofofi. Falon mita 5 ne da mita 4, tayil mai 60 da 60 za a sa masa. Ɗakunan kwana biyu kuma tayil ɗin roba nake so, irin wanda ake mannawa da gam. Mai tayil ya ce ƙasan ba ta daidaita ba, sai an yi sikiridin, inci biyu. Birkila ya ce rabin inci ya isa. Wa zan bi?

Auwalu Mai Fenti: Wa alaikumus salam. Duk su biyun sun cika. Sikiridin ai shafawa ce kawai, hannu biyu, in ya bushe a bi da samfefa sannan fenti. Ina maganar inci a nan?

Malam Ɗanjuma Birkila: Auwalu, na bango kake magana. Shi daɓen ƙasa yake nufi, siminti da yashi a kan kankare.

Auwalu Mai Fenti: Au, to na janye. Ku ci gaba, ina sauraro.

Injiniya Bashir: Baban Ummi, kada ka bi kowa tukuna, domin duk cikinsu babu wanda ya auna. Kaurin daɓe ba a yanke shi da baki, kankaren ne yake faɗa. Ka samu tiyo siriri mai nuna ruwa, ka cika shi, ka tabbata babu kumfar iska a ciki. Ka buga alama a bangon falo kusa da ƙofar shigowa, kamar mita ɗaya daga ƙasa, sannan ku biyu ku yi ta ɗaukar wannan alamar da tiyon zuwa kowace kusurwa, har cikin ɗakunan. A haɗa alamomin da layi. Daga nan ka auna daga layin zuwa kankare a kusurwoyi huɗu, da tsakiyar kowane bango, sannan ka ja zare daga bango zuwa bango ka auna tsakar ɗakin ma. Inda lambar ta fi ƙanƙanta nan ne tudu, inda ta fi girma nan ne kwari. Ka kuma auna tsakanin kankare da gindin ƙyauren ƙofar falo idan an buɗe shi. Ka kawo mana lambobin.

Baban Ummi: Na je mun auna da yamma. A falo mafi ƙanƙanta santimita 99, a bakin ƙofa. Mafi girma 102, can kusurwar taga. Tsakiya 100 da rabi. Ƙarƙashin ƙyaure kuma santimita 4 da rabi ne.

Injiniya Bashir: Madalla, yanzu akwai abin magana. Tsakanin tudunka da kwarinka milimita 30 ne. Daɓen da zai manne da kankare ba a son ya gaza milimita 25, mil 25 a taƙaice, wato inci ɗaya, a wurin da ya fi siranta. Wurin da ya fi siranta kuwa shi ne kan tudu. Saboda haka a bakin ƙofa mil 25, a tsakiya 40, a kusurwar taga 55. Ka ga rabin incin birkila ko ramin kusurwar ba zai cike ba, inci biyun mai tayil kuma in aka ɗora shi a bakin ƙofa, ƙofar ba za ta buɗe ba.

Duba lissafin ƙofar: daɓe 25, gam ɗin tayil kamar 5, tayil ɗin kansa kamar 10. Ya zama 40. Kana da 45. Saura mil 5 kacal, ko tabarmar goge ƙafa ba za ta shiga ba. Ya yi, amma babu wurin kuskure. Ka auna kaurin tayil ɗin da ka saya da kanka kafin a kwaɓa komai.

Alhaji Garba Kwangila: Ni fa ban ga dalilin wannan ɗawainiya ba. Yadda aka saba, mai tayil ya baza yashi da siminti, ya kwarara ruwan siminti, ya ɗora tayil ya buga da gudumar roba. Daɓe da tayil a rana ɗaya. Gidaje nawa aka yi haka suna nan lafiya? Kuɗin aiki biyu kawai za ku sa bawan Allah ya biya.

Usaini Mai Tayil: Alhaji, gaskiyarka rabi. Da ƙananan tayil na da, masu jan baya, wannan hanyar tana yi, domin bayansu yana shan ruwa, siminti yana samun abin kamawa. Manyan na yanzu masu 60 da 60, yawancinsu in ka ɗiga ruwa a bayansu sai ya tsaya yana kallonka. Ruwan siminti zalla ba ya riƙe irinsu da kyau. Wata shida, shekara, sai ka ji ana takawa yana amsawa. Ga shi kuma shimfiɗar da ke ƙasa ba a danne ta sosai ba, bugun gudumar roba ne kawai, kusurwar tayil ta rasa abin zama, a ɗora ƙafar kujera ta tsage. Ban ce ba a yi ba, ana yi kullum. Amma in za a yi haka, aƙalla a shafa gam ɗin tayil a bayan kowane ɗaya. Ɗakunan roba kuwa babu ma zance, dole sai an yi daɓe ya bushe.

Alhaji Garba Kwangila: Na ɗakunan na yarda. Na falo ina nan a kan bakana.

Malam Ɗanjuma Birkila: Bari in yi magana a kan abin da ya fi kashe daɓe, don ba kauri ba ne. Rashin kamawa ne. Kankaren da ya yi wata takwas ana aiki a kansa, ku je ku duba abin da ke samansa: ɓarɓashin filasta da ya zuba ya daskare a gindin bango, wurin da leburori suka kwaɓa siminti a tsakar falo, ƙura, wataƙila har baƙin mai daga janareta. Ban da wannan, shi kansa kankaren yana da wata fata a sama, madarar siminti da ta taso lokacin zubawa ta bushe. Ka karce ta da ƙusa za ka ga tana fari tana gari. Duk abin da ka ɗora a kan wannan fatar, ita ya kama, ba kankare ba, ita kuwa ba ta da ƙarfin riƙe komai.

Don haka aikin farko sassaƙa ne. Guduma da kurfi, a bi falon gaba ɗaya har a riƙa ganin kan tsakuwa. Ba sara ɗaya nan ɗaya can ba kamar an yi wa yaro tsaga. Inda mai ya zuba a sare wurin har sai an wuce inda ya shiga. A share, a wanke, a fitar da ruwan wankin waje, kada a bar shi ya bushe a ciki don laka ce zai bari.

Sai jiƙo. Da yamma a shayar da kankaren ruwa ya kwana. Da safe a share duk wanda ya kwanta, a bar shi da danshi, launinsa ya yi duhu amma ba ya ƙyalli. Busasshen kankare yana zuƙe ruwan kwaɓin da ke kansa, ƙasan daɓen ya ƙone tun bai kama ba. In kuma ruwa na kwance, ya tsinka ruwan simintin ya zama banza.

Daga nan ruwan siminti, a dama shi da kauri kamar kunu, a goga da tsintsiyar kwakwa ko buroshi mai tauri ya shiga ramukan sassaƙar. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a shafe falon duka a tafi kwaɓi. Kafin a dawo ya yi fari. Da zarar ya bushe, ya tashi daga mai haɗawa ya koma mai rabawa. A shafa daidai inda za a rufe cikin minti goma zuwa sha biyar, a zuba a kansa yana jiƙe, a matsa gaba.

Auwalu Mai Fenti: Na ga wasu suna zuba farin gam ɗin kafintoci a cikin ruwan simintin. Suna cewa yana ƙara kamu.

Injiniya Bashir: A busasshen wuri yana ɗan taimakawa, amma wannan gam ɗin in danshi ya same shi yana sake laushi. Ƙasan gida kuwa ba ta rabuwa da danshi, balle da damina. Akwai wani farin ruwa da aka yi don wannan aikin, za ka ga an rubuta SBR a jikin jarkar. Shi ba ya komawa ruwa bayan ya kama. Ana dama shi da siminti a madadin ruwa zalla ko a sirka, gwargwadon abin da aka rubuta a jarkar. Shi ma dokar Malam Ɗanjuma tana kansa: a rufe shi yana jiƙe.

Baban Ummi: To kayan fa? Buhu nawa zan saya na falon?

Injiniya Bashir: Falonka murabba'in mita 20 ne. Matsakaicin kauri mil 40. In ka ninka, kana buƙatar kwaɓin da ya kai 0.8 na kubik mita bayan an danne. A haɗin siminti ɗaya yashi huɗu, kubik ɗaya yana cin kusan buhu 7 da rabi, don haka naka buhu 6 ne. Buhu ɗaya kwano biyu ne na leburori, yashinsa kwano takwas, wato kusan baro biyu. Jimilla kwano 48. Ka ƙara buhu ɗaya na ruwan siminti da abin da zai zube. Buhu 7.

A auna da kwano, ba da shebur ba. Shebur ɗin safe da na azahar ba ɗaya ba ne.

Malam Ɗanjuma Birkila: Kuma yashi mai kaushi na kogi, a tankaɗe manyan duwatsun. Ba na filasta ba. Mai laushi yana shan ruwa da yawa, in ya bushe sai ya tsuke ya tsage. In kana shakkar laka, zuba yashin a kwalba zuwa rabi, cika da ruwa, girgiza, ajiye ya kwana. Lakar za ta kwanta a sama da launinta daban. In yashin ya kai tsayin santimita 10 lakar ta doshi santimita ɗaya, nemi wata tifar.

Ruwan kwaɓi kuma kaɗan. Damƙi a hannu ka matse: ya dunƙule kamar ƙwallon fura, bai ɗiga ba, bai wargaje ba. Leburori sun fi son mai ruwa don yana saurin bazuwa, amma duk ruwan da ya wuce buƙata fita zai yi ya bar gurbi. Sai dai shi mai ɗan danshin yana da nasa sharaɗi, dole a danne shi. A zuba ya ɗara tsayin da ake so, a bubbuga da katako mai nauyi har ya zauna, sannan a yanke da renji, wato dogon miƙaƙƙen katako ko ƙarfe da ake daidaita sama da shi. In aka baza aka shafe saman kawai, za ka ga sama sumul, ƙasa kuwa kamar garin kwaki.

Usaini Mai Tayil: Daidaitawar fa kada a bar wa ido. Daga layin nan da aka buga a bango, saman daɓen falo zai kasance santimita 96 da rabi ƙasa da layin, tunda tudu 99 ne an cire 2 da rabi. A kafa 'yan tuddan kwaɓi a wannan tsayin, a ɗora gutsuren tayil a kan kowanne, tazararsu kada ta wuce tsawon renjin, kamar mita ɗaya da rabi. A haɗa su da kwaɓi su zama layuka, a cika tsakani, a ja renji a kansu ana ɗan karkaɗa shi. A fara daga kusurwar taga a ƙare a ƙofa. A cire gutsattsarin tayil ɗin a cike gurbinsu tun kwaɓin yana ɗanye.

Ni abin da nake so in tarar: in na kwantar da renjin mita 2 ko ta ina, kada ramin da ke ƙasansa ya wuce mil 3. Babban tayil ba ya lanƙwasa ya bi ƙasa, in akwai tudu sai bakin ɗaya ya fi na ɗan'uwansa tsayi, a yi ta tuntuɓe. Kuma a falo a gama da katako kawai, a bar shi da ɗan kaushi. Kada a bi da cokalin ƙarfe ana barbaɗa busasshen siminti don ya yi ƙyalli. Wannan ƙyallin fata ce, tana tsattsagewa kamar bayan tsohuwar tukunya, gam kuma ba ya kama ta.

Hajiya Maman Sadik: Ku gafarce ni in shigo da tawa. Nawa daɓen an yi shi sati uku, ya tsage a miƙe tun daga bango har tsakiyar ɗaki, layi ɗaya kamar an ja da rula. A fasa duka ne?

Malam Ɗanjuma Birkila: Hajiya, tsaga mai miƙewa haka, galibi akwai abu a ƙasanta. Mai wayarin bai bi da bututu ta wurin ba?

Hajiya Maman Sadik: Ya bi, na soket ɗin tsakiyar ɗaki.

Malam Ɗanjuma Birkila: To shi ne. Bututun mil 20 a cikin daɓen mil 30, abin da ya rage a kansa bai kai kaurin yatsa ba. Da an sare masa hanya a cikin kankare, ko an ɗora ragar waya a kansa. Ki sa a ɗauki guntun rodi a ja shi a kan daɓen gefe da gefen tsagar. Inda ya kama, ƙarar a cike take. Inda ya saki za ki ji yana amsawa kamar ganga. In bai amsa ba, a buɗe tsagar a cike, a shimfiɗa raga a cikin gam kafin tayil. In ya amsa, a yanke iya wurin da giranda a sake. Ba sai an fasa ɗakin duka ba.

Injiniya Bashir: Akwai abu ɗaya da bai kwanta mini ba a falon Baban Ummi: kusurwar mil 55. Daɓen da ke manne in ya wuce mil 40, ƙarfin tsukewarsa yana ƙaruwa, sama na bushewa kafin ƙasa, bakin ya nemi ɗagowa. Ni da zan ce a fara cike wannan kusurwar da kankare mai ƙananan tsakuwa, sannan daɓen ya hau.

Malam Ɗanjuma Birkila: Injiniya, a nan mun saɓa. Cikon mil 15 zuwa 20 da zai je ya ƙare kamar bakin wuƙa, shi ne zai fara saki. Ka ƙara wa kanka mahaɗa biyu inda da ɗaya ce. Ni zuba shi zan yi hawa biyu a lokaci guda: rabi a danne, a karce saman, a ƙara rabin nan take. Ko kuma tunda sassaƙa za a yi, a rage tudun bakin ƙofa da mil 10, komai ya sauka, kusurwar ta koma 45, ƙyaure ya samu sarari, buhu ɗaya da rabi ya ragu.

Injiniya Bashir: Rage tudun ya fi duka, in tudun ɗan wuri ne. In ya kai sulusin falon, aikin kwana biyu ne da kurfi. Baban Ummi ne zai duba faɗinsa.

Baban Ummi: Zan duba. Kwana nawa kafin a sa tayil? Mai tayil yana da wani aikin, yana so ya fara bayan kwana uku.

Injiniya Bashir: Abu biyu ne mutane suke haɗawa. Na farko siminti ya yi ƙarfi, wannan ruwa yake so. Washegari a yayyafa, a rufe da leda, kwana 7, a rufe tagogi. In lokacin hunturu ne wannan ba abin wasa ba ne, iskar tana busar da saman cikin sa'o'i, ka zo ka goga ƙafa ka ga yashi na tashi. Na biyu bushewa da tsukewa, wannan bayan an yaye ledar yake farawa. Tayil a ba shi sati uku daga ranar zubawa. In aka manna a kwana uku, daɓen zai ci gaba da tsukewa a ƙasa, tayil ba ya tsukewa, wata rana ka ji tas, layi guda ya tashi kamar tanti. Don haka ma a bar tazarar kamar mil 6 tsakanin tayil da bango, sikatin, wato tayil ɗin da ake zagaya gindin bango da shi, zai rufe ta.

Roba ta fi tsanani. Lissafin da aka saba shi ne kwana ɗaya ga kowane mil har zuwa 40, abin da ya haura haka kwana biyu-biyu. Zafin bazara yana rage wannan, damina tana ƙara shi.

Usaini Mai Tayil: Kafin a kai can, a tuna ɗakunan ba tsayinsu ɗaya da daɓen falo ba. Tayil da gam mil 15, roba da gam ɗinta kamar 3. In ana so ƙafa ta wuce ba tuntuɓe, daɓen ɗaki ya fi na falo tsayi da mil 12. A kafa katako a bakin ƙofar ɗakin a yanke a nan. Kuma shi na ɗaki a goge shi da cokalin ƙarfe ya yi sumul, don roba ba ta ɓoye komai. Ƙwayar yashi ɗaya in ta rage a ƙasa, bayan wata guda za ka gan ta a sama. In an gama aka ga 'yan ramuka, akwai garin da ake damawa ya malala da kansa, mil 3 zuwa 5, amma sai an fara shafa ruwan share fagensa, kuma ba maganin danshi ba ne.

Injiniya Bashir: Danshin nan shi ne tambayar da ya kamata mu fara yi. Baban Ummi, an shimfiɗa leda a kan ciko kafin a zuba kankaren?

Baban Ummi: Wallahi ban sani ba, ba na gari ranar. Birkila ya ce an sa, wani lebura ya ce a falo kawai ta isa.

Injiniya Bashir: To ka ɗauka babu. In babu leda a ƙasa, ko shekara ka jira danshi zai ci gaba da tasowa. Tayil yana jurewa, danshin yana fita ta layukan. Roba kuwa murfi ce: danshin ya taru a ƙasanta, ya haɗu da kaifin siminti ya narkar da gam, bakuna su ɗago, ɗaki ya riƙa warin ruma. Gwada yanzu: yanki leda mai kauri kamar rabin mita kowane gefe, manne bakinta duka da salatif a kan kankaren, bar ta kwana ɗaya ko biyu. In ka ɗaga ka ga gumi ko wurin ya yi duhu, magana ta ƙare. In ba ka gani ba, ba shaida ba ce, musamman da rani.

Mafita ita ce a ɗakunan a canja salo: a shimfiɗa leda mai kauri a kan kankaren, a haɗa bakunanta su hau juna, ta ɗan hau bango, a zuba daɓe a kanta. Wannan ba ya manne da komai, nauyinsa da kaurinsa ne ke riƙe shi, don haka ba ya gaza mil 50 ko ina. Babu sassaƙa, babu ruwan siminti, sai dai a cike ramuka kada su huda ledar. Nawa ka samu a ɗakunan?

Baban Ummi: Tudun babban ɗaki 100 da rabi, na ƙaramin 99.7.

Injiniya Bashir: Saman daɓen ɗaki zai tsaya a 95.3 daga layi. Babban ɗaki ya samu mil 52, ya tsallake da ƙyar. Ƙaramin 44 ne, bai kai ba. In kuma aka rage tudun falo da mil 10 kamar yadda Malam ya kawo, duka biyun sun faɗi, sai dai a yarda da ɗan tudu a bakin ƙofofin ɗakunan.

Alhaji Garba Kwangila: Ko kuma ka sa tayil ko'ina ka huta, ka shimfiɗa kafet a ɗakin.

Malam Ɗanjuma Birkila: Mil 44 a kan leda, da ragar waya a tsakiya, a ɗakin kwana da babu abin da ya fi gado nauyi, ni zan yi shi.

Injiniya Bashir: Raga tana riƙe tsaga kada ta buɗe, ba ta hana kusurwa ɗagowa. Ni ba zan sa hannu a kan 44 ba. Gara a ɗaga ƙaramin ɗakin da mil 6, a sa ƙarfen bakin ƙofa mai gangare.

Baban Ummi: Ƙyauren ƙaramin ɗakin na katako ne, ana iya rage gindinsa. Bari in manna ledar gwajin yau a ɗakunan biyu, in kuma auna faɗin tudun bakin ƙofa. Jibi zan turo abin da na gani.